Ribar Kowace Gona Ita Kaɗai: Jadawalin Lissafin Noma a Fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Manomin gabashin Sakkwato ba safai yake da gona ɗaya ba. Yana da ta tudu, yana da ta fadama, wani lokaci kuma da wadda ya karɓa haya ko jingina, amma aljihun da yake ciyar da su duka guda ne. Wannan maƙala ta duba jadawalin da ke rarraba lissafin gona-gona, mai gurabun ranar shuka, kuɗin kayan aiki, yawan amfani da riba. Abin da take son nunawa shi ne, gurbin riba ba ya faɗin gaskiya sai an warware abu uku tukuna: yadda za a raba kuɗin ban ruwa tsakanin gonakin da inji ɗaya ke shayarwa, yadda za a ƙiyasta abin da ba a biya da tsabar kuɗi ba, da kuma ranar da za a rufe lissafin gona a buɗe na ajiya. An bi misalin gida ɗaya mai gonaki uku daga farko zuwa ƙarshe.

Yankin da ake magana a kansa

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo suna arewa maso gabashin birnin Sakkwato, kuma ruwan gulbi ne ya tsara nomansu. Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda ya rasu a 1837, ta yi suna da shinkafa, albasa da tafarnuwa, kuma tana da tsohon shirin noman rani da ke shan ruwan madatsar Lugu. A Goronyo akwai babbar madatsar da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar a 1992, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana gefen gulbin Sakkwato, da fadamunta da kuma faffaɗan tudun gero da wake.

Duk da waɗannan madatsu, da yawa daga cikin masu noman rani ba daga magudanar gwamnati suke shan ruwa ba. Ƙaramin injin fetur ne suke kafawa a bakin gulbi ko a kan gajeren bohol na fadama, irin wanda shirye-shiryen Fadama suka yaɗa tun daga shekarun 1990. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur, ruwan da wannan inji ke ɗagowa ya koma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin manomi. A da mutum na iya yin sakaci da lissafin mai bai ji a jikinsa sosai ba. Yanzu wannan sakaci kan sa ya shekara yana noma abin da ba ya biyansa, alhali yana ganin buhuna a tsakar gida yana hamdala.

Gurabun jadawalin

Kowace gona tana da layinta, kuma kowane zubi yana da nasa. Idan an yi shinkafar damina a fili, aka sake yin albasa a cikinsa da rani, layi biyu ne, ba ɗaya ba. A rubuta sunan gonar da mutanen gida suka san ta da shi, kamar “ta bakin gulbi” ko “gonar gado”, domin lamba kan ruɗe, suna kuwa ba ya ruɗewa.

Faɗin gona shi ne gurbin da aka fi cikawa da ƙiyasi. Manomi kan ce eka ɗaya ce don haka ya ji daga mahaifinsa, ko ya auna ta da yawan irin da take ci. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi, kuma igiya mai tsawon mita 50 ta isa a auna yawancin gonakin fadama cikin safiya guda. Ana yin wannan aiki sau ɗaya ne, sai dai in gulbi ya ci gefen gonar ko an raba gado.

Gurbin kwanan wata yana buƙatar a tsaya a kansa. Ga albasa da shinkafa ranaku biyu ake rubutawa, ranar zuba iri a wurin reno da ranar dashe, saboda tazarar da ke tsakaninsu tana bayyana abin da yawan amfani kaɗai ba zai bayyana ba. Irin albasa kan yi mako shida zuwa takwas kafin dashe, na shinkafa kuwa mako uku zuwa huɗu, ko da yake sanyin hunturu kan ja shi ya wuce haka. Shinkafar da aka dasa bayan ta tsufa a wurin reno ba ta yin 'ya'ya da yawa a gindi. Wadda aka makara da ita kuma takan fitar da kai cikin tsananin zafin Afrilu, inda zafin da ya haura digiri 35 a lokacin fure ke barin zangarniya da ƙwayoyi marasa ciki. Alkama ma haka take: wadda ta wuce tsakiyar Disamba ba a shuka ba, zafin Maris zai riske ta tana cika ido. Idan babu kwanan wata a rubuce, duk waɗannan asarori a kan taki ko iri ake ɗora su, a ce na bana ba mai kyau ba ne.

Akwai wani abu ƙarami da ke ɓata kwatance tsakanin shekaru. Manomi kan tuna ranar dashe da cewa mako biyu bayan Maulidi ne, ko ana jibi Sallah. Shekarar Hijira tana gajarta da kimanin kwana 11 a kan ta Miladiyya, don haka “bayan Maulidi” na bana da na shekara uku da suka wuce sun bambanta da fiye da wata guda a yanayin sanyi da zafi. A rubuta duka biyun in ana so, amma na Miladiyya shi ne ake kwatantawa da shi.

Misalin gida ɗaya

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zagaye su don sauƙin lissafi. Ba sakamakon ƙidaya ba ne, kuma farashin kowace shekara zai sauya su. Tsarin lissafin shi ne abin dubawa.

A ɗauka wani magidanci a fadamar Wurno yana da gonaki uku. Ta farko rubu'in hekta ce ta albasa, ya dasa ta ranar 20 ga Nuwamba. Ta biyu rabin hekta ce ta shinkafar rani, irin FARO 44, ya dasa ranar 25 ga Janairu. Ta uku hekta guda ce a tudu, gero da wake, ya shuka ranar 18 ga Yuni. A albasa ya kashe naira 300,000 a kan iri, taki, magani da 'yan ƙwadago, ya samu buhu 40, kowanne naira 20,000 a ranar cira, wato naira 800,000. A shinkafa ya kashe naira 400,000, ya samu buhu 30 na shanshera a kan naira 30,000, wato naira 900,000. A tudu tsabar kuɗin da ya fita naira 100,000 ne kacal, amfanin kuwa, gero buhu 8, wake buhu 2, da harawa da kara, ya kai darajar naira 500,000.

Inji ɗaya ne ke shayar da albasar da shinkafar. Mai, baƙin mai, gyara da kason tsufan injin na wannan rani sun tashi naira 420,000. A nan ne jadawali ke fara yin ƙarya ko faɗin gaskiya. Idan aka raba kuɗin biyu daidai, kamar yadda akasari ake yi a ka, kowace gona za ta ɗauki naira 210,000, sai albasa ta bar naira 290,000, shinkafa ma ta bar naira 290,000. Mai gona zai ce ai kunnen doki suka yi, ya kuma fi karkata ga shinkafa tunda ana cin ta a gida kuma ba ta ruɓewa.

Amma ba faɗin gona ne ke shan mai ba, kuma ba adadin gonaki ba. Awannin da inji ya yi yana aiki ne. Fangalin albasa ana cika shi ne a wuce, bayan 'yan kwanaki a dawo. Shinkafa kuwa tana son ƙasa ta zauna a jiƙe, ga shi mafi yawan rayuwarta ta faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke shanye ruwa da sauri, ruwan bohol kuma ya yi ƙasa har inji na tari yana jan iska. Idan yaron da ke kula da injin yana ja wa kowace gona zane ɗaya a takarda duk awa guda, a ƙarshen rani za a iya samun awa 120 a albasa, 300 a shinkafa. Jimilla awa 420 ke nan, kowace awa naira 1,000. Yanzu albasa ta ɗauki naira 120,000, shinkafa ta ɗauki naira 300,000. Ribar da aka ce ɗaya ce ta rabu: naira 380,000 a albasa, naira 200,000 a shinkafa. Ba a ƙara ko rage ƙwandala ba a jimillar abin da gidan ya samu, amma an gano cewa albasa ce ke biya wa shinkafa wani ɓangare na ruwanta.

Inda ba a rubuta awanni ba, ƙirga galan-galan ɗin man da aka kai kowace gona ya wadatar. Raba kuɗin bisa faɗin gona shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma yana da ma'ana ne kawai idan abu ɗaya aka shuka a gonakin a lokaci ɗaya. Wanda ke shan ruwan magudana yana biyan kuɗin ruwa ga ƙungiyar masu amfani da ruwa, nasa ya zo da sauƙi, domin kuɗin kan zo ne da sunan fili.

Abin da ba a biya da kuɗi ba

Gonar tudu a misalinmu ta bar naira 400,000 idan tsabar kuɗi kawai aka duba, har ta fi kowace. Dalili kuwa shi ne maigida da 'ya'yansa ne suka yi noman farko, maimai da girbi, irin ma daga rumbu aka ɗebo. A ce aikin nasu ya kai yini 60 na mutum ɗaya, ana kuma biyan ɗan ƙwadago naira 3,000 a yini, irin ya kai naira 10,000. An samu naira 190,000 da ba ta fita daga aljihu ba, amma an kashe ta. Haka za a yi wa sauran gonakin: yini 40 a albasa, yini 30 a shinkafa.

| Gona | Faɗi (hekta) | Shuka ko dashe | Kaya da ƙwadago | Ruwa | Aiki da irin gida | Amfani | Daraja | Riba | Riba a hekta |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Albasa | 0.25 | 20 Nuwamba | 300,000 | 120,000 | 120,000 | buhu 40 | 800,000 | 260,000 | 1,040,000 |
| Shinkafa | 0.5 | 25 Janairu | 400,000 | 300,000 | 90,000 | buhu 30 | 900,000 | 110,000 | 220,000 |
| Gero da wake | 1 | 18 Yuni | 100,000 | 0 | 190,000 | buhu 8 da buhu 2 | 500,000 | 210,000 | 210,000 |

Manoma da yawa ba sa yarda da wannan mataki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Dattijo zai ce, “Malam, yaushe zan biya kaina kuɗin aiki a gonata? Ɗana kuma da nake ciyarwa, ƙwadago ya yi mini?” A tsarin gandu, aikin ɗa a gonar uba ba ciniki ba ne. Ni a ganina bai kamata malamin gona ya yi jayayya da wannan ba. Abin da ya fi shi ne a bar gurabu biyu, ɗaya na abin da ya rage bayan tsabar kuɗi, ɗaya na riba bayan an cire aikin gida. Na farko yana gaya wa maigida ko zai iya biyan bashin taki. Na biyu yana gaya masa abin da zai faru ranar da samarin gidan suka tafi cin rani, ya zama dole ya ɗauki 'yan ƙwadago a madadinsu. Gayya ma tana da kuɗi: abincin da aka dafa, goro, da yinin da za a rama wa waɗanda suka zo. Filin da mutum ya gada shi ma yana da kuɗin hayar da zai samu da ya bayar da shi. Ban sa shi a misalin ba don kada alƙaluma su yi yawa, amma duk wanda ke kwatanta gonar gado da ta haya dole ya sa.

A ɓangaren amfani ma akwai irin wannan yoyo. Kafin buhuna su iso gida, an ba masu yanka da bugu nasu kason in da shinkafa aka biya su, an fitar da zakka, an ɗiba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Abin da za a rubuta a gurbin amfani shi ne duk abin da gonar ta fitar a masussuka, kafin a taɓa komai. Abin da aka biya ma'aikata da shi sai ya koma gurbin ƙwadago da farashinsa na ranar. Zakka kuwa tana da nata gurbin, kuma jadawalin yana sauƙaƙa ta: a mazhabar Malikiyya gero na ruwan sama ushiri ne, ɗaya cikin goma, shinkafar da aka shayar da wahalar inji rabin ushiri ce, wato buhu ɗaya da rabi cikin 30, albasa kuma ba a fitar da zakkar amfanin gona a kanta.

Ma'auni shi ma sai an daidaita. Damin wani ya fi na wani, buhun albasa mai hula ya fi wanda aka ɗinke bakinsa, shansherar da aka auna da ɗanyenta kuma za ta ragu bayan shanya. Ya isa a sussuke dami biyar a auna tiya nawa suka bayar, a ɗora buhu uku a sikeli, a rubuta sakamakon a saman shafi. Ba tare da wannan ba, ba za a iya kwatanta gonar garin Gandi da ta garin Achida ba, kai ko bana da bara a gona ɗaya.

Inda lissafin gona ke ƙarewa

Albasa tana da arha a Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cira, tana kuma tsada idan damina ta yi nisa. Saboda haka mai hali yakan zuba ta a rudu ya jira. Tambayar ita ce, da wane farashi za a cika gurbin daraja? Amsata ita ce da farashin ranar cira, ko an sayar ko ba a sayar ba. A wannan rana aikin gona ya ƙare, sai a ɗauka maigida ya sayi albasar daga hannun kansa, ya buɗe sabon shafi na ajiya.

Ga yadda shafin zai kasance. An zuba buhu 40 masu darajar naira 800,000. Kara, itace, ɗaurin rudu da tsince ruɓaɓɓu lokaci-lokaci sun ci naira 60,000. A Agusta aka buɗe, bushewa da ruɓa da tsiro sun cinye kashi 30 cikin 100, saura buhu 28. Idan buhu ya kai naira 35,000, an samu naira 980,000, ribar ajiya ta zama naira 120,000 kafin a cire kuɗin mota da la'ada. Idan aka raba naira 860,000 gida 28, za a ga cewa sai farashi ya haura kimanin naira 30,700 kafin ajiyar ta fara biyan kanta. Wato tashin farashi daga 20,000 zuwa 30,000, wanda kowa zai kira riba, a wannan misali faɗuwa ce.

Amfanin raba shafukan shi ne a san inda matsala take. Shekarar da gona ta yi kyau amma rudu ya ruɓe, gyaran ba sauya iri ba ne kai tsaye. Sai a duba ko an yawaita yuriya a ƙarshen rayuwar albasar, ko an ci gaba da ban ruwa har dab da cira, ko an zuba ta wuyanta bai bushe ba, domin ukun duk suna rage mata juriyar ajiya. Biyu na farko suna nan a shafin gona idan an rubuta ranar zuba taki na ƙarshe da ranar yanke ruwa, kuma saboda haka nake ganin ya kamata a ƙara wa albasa waɗannan gurabu biyu.

Daga jadawalin kuma ana fitar da kuɗin da buhu ɗaya ya ci. Shinkafar misalinmu ta ci naira 790,000 gaba ɗaya, buhu 30, kowanne kimanin naira 26,300. Idan shanshera ta sauko zuwa naira 25,000, gonar ta faɗi da naira 40,000 ko da amfanin bai ragu da tiya ɗaya ba. Wannan ba zance ne na nesa ba ga manoman da suka ga yadda farashin shanshera ya karye bayan Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, alhali taki da mai ba su sauko tare da shi ba.

Layin da babu girbi

Gonar da aka shuka ba a girbe ba ita ce aka fi mantawa da ita a rubutu, domin ba mai son tunawa. A Satumbar 2010 ambaliya ta shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasan madatsar Goronyo. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai har ya shafi noman rani. Ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta hana mutane da dama a waɗannan ƙananan hukumomi isa gonakinsu na nesa da gari. Irin wannan gona dole a ba ta layinta, da kuɗin da ta ci, da sifili a gurbin amfani, da dalili a gefe.

Idan shinkafar damina a ƙasan fadama tana ba da ribar naira 250,000 shekara uku a jere, a ta huɗu ruwa ya cinye jarin naira 350,000, matsakaicin abin da take bayarwa naira 100,000 ne a shekara, ba 250,000 ba. Jadawalin shekara ɗaya ba zai nuna wannan ba, kuma shi ya sa bai kamata a yanke wa gona hukunci da zubi ɗaya ba. Haka nan ribar albasa a hekta, duk da girmanta a takarda, ba ta nufin a mayar da dukkan fili albasa. Jarinta a kowace hekta ya fi na shinkafa nauyi, tana son hannaye da yawa a mako ɗaya na dashe da na cira, farashinta yana hawa da sauka fiye da na hatsi, geron tudu kuma shi ne tuwon gidan ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Saura batun wanda zai riƙe alƙalami. Cikakken jadawali irin na sama aikin ƙarshen zubi ne. Abin da ake buƙata kullum shi ne ƙaramin littafi mai shafi ɗaya ga kowace gona, inda za a rubuta rana, abin da aka yi da abin da aka kashe, da boko ko da ajami, wanda dattawa da yawa a yankin suka fi sakewa da shi. Abu biyu ne ba sa jiran gobe, awannin inji da yinin aikin gida, saboda ba su da rasit kuma ba wanda zai zo ya tuna wa maigida da su. Kuɗin taki da na magani ana iya tarar da su a littafin mai shago ko bayan wata guda.